Soyayyen attaruhu a kwalba: murfi uku sun kumbura, ina matsalar take?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana harkar adana kayan miya ku taimaka. Na yi soyayyen attaruhu na ci da shinkafa da doya, zan riƙa sayarwa. Ga abin da na sa: tattasai kilo 2, attaruhu kilo 1, albasa rabin kilo, tafarnuwa dunƙule 2, man gyaɗa lita 1, gishiri da magi, sai ruwan khal cokali 4 na cin abinci. Na markaɗa, na soya kamar minti 25, na bari ya huce, na zuba a kwalaben bama guda 10, kowacce na rufe samanta da mai. Suna cikin sito. Yau kwana 9, uku murfinsu ya kumbura, ɗaya da na buɗe ta yi tsit kamar lemon kwalba. Sauran bakwai lafiyarsu lau a ido. Me ya jawo, kuma bakwai ɗin zan iya sayarwa?

Anti Rabi Gwammaja: Wa alaikumus salam. Suya ce ba ta yi ba, Maman Hanif. Kilo 3 da rabi na ɗanyen kaya ba ya ƙonewa a minti 25, ruwa ne fal a cikinsa. In ruwa ya saura dole ya tashi, balle a zafin nan na watan Afrilu. Amma in da man ya rufe shi sosai da bai kai haka ba. Mai ai shi ne mai gadin kwalba.

Malam Sabi'u: Anti Rabi, maganar suya gaskiya ce. Ta mai kuwa a ɗan dakata, domin nan ne mutane suka fi shiga haɗari. Abin da mai yake yi shi ne ya tare iska, sai funfuna ta rasa yadda za ta kama sama. Ba ya kashe komai, kuma ba ya shiga cikin naman tattasai. Ƙasan man nan jiƙaƙƙen markaɗe ne marar tsami, babu iska, ga ɗumi. Akwai ƙwayar cuta da ake kira botulinum wadda irin wannan wuri take nema. A cikin ƙasa take zama, tana zuwa a jikin tafarnuwa da albasa da duk abin da ya taɓa ƙasar gona. In tana cikin iska barci take yi a cikin wani ɓawo mai tauri. Da an toshe mata iska aka bar mata ruwa, sai ta farka ta fara fitar da guba.

Tafasa ta gida ba ta kashe ta in tana cikin ɓawon nan. A Kano ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 98, ita kuwa sai an kai ta digiri 121 a tukunyar matsi irin ta masu gwangwani. Tunda ba mu da wannan a kicin, ba kashe ta muke yi ba, hana ta farkawa muke yi. Abu uku ne ke hana ta: tsami mai ƙarfi, ko bushewa ta gaske, ko sanyi. Kwalaben Maman Hanif ba su samu ko ɗaya ba.

Maman Hanif: Malam ai na sa khal.

Malam Sabi'u: Kin sa, Hajiya, amma mu yi lissafi. Cokali 4 mililita 60 ke nan. Raba shi a kan kilo 3 da rabi, kowane kilo ya samu mililita 17, wato cokali ɗaya da ɗan ɗoriya. Wannan ɗanɗano kawai zai gyara. Ana auna tsami da ma'aunin pH, kuma in lambar ta yi ƙasa tsamin ya fi ƙarfi. Ƙwayar nan ba ta girma in an sauka ƙasa da 4.6. Tattasai da attaruhu suna zama a wajen 5, albasa da tafarnuwa sun fi haka ma. Masu yin wannan sana'a da kyau 4.0 suke nema ko ƙasa, don a samu rata. Da mililita 17 a kilo ba za ki kusanci wurin ba.

Ummu Sudais: Ni fa ban gane ba, yajin ƙuli ma khal ake sa masa? Nawa wata uku yake yi a roba ba abin da yake samunsa.

Anti Rabi Gwammaja: A'a ƙanwata, ba dakakken yaji ake magana ba. Naki busasshe ne, ba ruwa a ciki, shi ya sa yake zama. Wannan ɗanyen markaɗe ne da ake soyawa da mai.

Hajiya Lami mai abinci: Bari in faɗi yadda ake bi in khal za a dogara da shi, don tsarin zubawa ma yana da muhimmanci kamar yawan. Khal ruwa ne, ba ya haɗuwa da mai. In kika soya markaɗe ya sha mai sannan kika tsiyaya khal a kai, mai ya riga ya lulluɓe kowane gutsure, khal ɗin sai ya taru wuri guda. Wani ɓangare ya yi tsami, wani ko ƙanshinsa bai ji ba. Don haka khal ne farko, mai ne ƙarshe.

A wanke kaya, a cire hanci, a yar da duk wanda ya yi laushi ko baƙin tabo, kada a ce za a yanke wurin a yi amfani da saura. A auna a sikeli bayan an gyara, ba da kwano ko kashi ba, don kwanon tattasai na yau ba nauyinsa ɗaya da na gobe ba. A markaɗa da khal ɗin maimakon ruwa. Wannan shi ne sirrin, kuma in injin markaɗe na unguwa za a kai, a tsaya a kansa, don masu injin ruwa suke kwarawa, ga ragowar markaɗen wake na wanda ya riga ki. Sai a ɗora a tukunyar sitenles, ba ta dalma ba, don tsami yana cin dalma ya baƙanta miyar. Ya tafasa minti 10 zuwa 15 ana juyawa, murfi a ɗan rufe. Sannan a zuba mai, a ba shi minti biyu ya ɗauki zafi, a sauke.

Maman Hanif: To nawa ne yawan khal ɗin a kilo, Hajiya?

Malam Sabi'u: In amsa wannan. Akwai tsarin da hukumar noma ta Amurka ta gwada na tattasai a khal da mai. In aka mayar da shi kan kilo ɗaya, ya kama wajen khal mililita 270, ruwan lemon tsami mililita 130, mai mililita 130, albasa da tafarnuwa 'yar kaɗan. Wato abin tsami mililita 400 a kowane kilo. A kayanki na kilo 3 da rabi lita 1 da mililita 400 ke nan, ke kuma kin sa 60. Dubi man kuma: su ƙasa da rabin lita zai ishe su, ke kin sa lita guda.

Sai dai a lura, nasu yankakken tattasai ne da ruwan khal ke zagaye shi, ba markaɗe mai kauri ba. Don haka lambar nan mafari ce, ba hujja ba. Hujja ita ce aunawa. Kuma a duba jikin kwalbar khal ɗin, a ga an rubuta 5%. Wanda ake ɗurawa a gora ba tambari, ba ka san ko an sirka shi ba.

Zee Kabuga: Kai Malam, mililita 400! Wa zai sayi wannan a Kano? Mu da ko tumatir ya yi tsami sai mun jefa kanwa. Ni shawarata ta sa khal ɗin yadda kuka ce, in ya gama aikinsa na kashe ƙwayoyin sai ta ɗan sa jiƙaƙƙiyar kanwa ko bakin soda tsamin ya kwanta.

Malam Sabi'u: Don girman Allah kada a yi wannan. Khal ba aiki yake yi ya gama ya tafi ba. Tsamin da yake zaune a cikin kwalbar shi ne tsaron, tun daga ranar farko har cokali na ƙarshe. Kanwa kishiyar tsami ce, kumfar da kike gani in kin jefa ta, tsamin ne yake mutuwa. Kin sa khal kin bi shi da kanwa, kin koma inda Maman Hanif take, har da asarar kuɗin khal. A miyar da za a ci yau a sa kanwa, ba laifi. A kwalbar ajiya haramiyarta ce.

Hajiya Lami mai abinci: In tsami ne ya yi yawa a baki, sukari ake sawa, cokali 1 ko 2 a kilo. Yana rufe tsamin a harshe amma bai taɓa ƙarfinsa ba. Gishiri gram 20 a kilo shi ma yana daidaita shi. Sannan in kina da mitar pH, kina iya rage khal a hankali kina aunawa, ki tsaya inda ya nuna 4.0 ko ƙasa. Wani haɗin ba ya buƙatar 400 ɗin duka. Amma mita ce za ta faɗa, ba harshe ba, don zafin attaruhu yana toshe ɗanɗano.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa kuma ita ce, na khal wani abinci ne daban. Yana da ruwa-ruwa, yana da tsami, ya dace da gasasshen nama, soyayyen kifi, awara, dankali. Wanda yake son ɗanɗanon soyayyen nan mai ƙamshin albasa na ci da shinkafa da wake, ba ta hanyar khal zai same shi ba.

Anti Rabi Gwammaja: Yauwa, abin da nake nufi ke nan tun farko. Na gargajiya suya ake yi har ruwa ya ƙone ƙurmus. A fara dafa markaɗen shi kaɗai ba mai, a tukunya mai faɗi, har ya kafe ya zama kamar kirim. Sannan a zuba mai, a rage wuta, a yi ta juyawa. Kayan Maman Hanif za su ci awa 2 ko fiye. Alamar ya yi: ƙarar tafasa ta daina, manyan kumfa sun koma ƙanana sannan su ɗauke, launi ya tashi daga ja ya koma ja mai duhu, mai ya fito garau a sama ba gauraye ba, in kin murza ɗan kaɗan a yatsa za ki ji shi tsaki-tsaki. Kilo 3 da rabi ɗin nan ba zai cika kwalba 10 ba, in ya ba ki 4 kin gode. Wannan yana wata biyu a kan kanta ba firij.

Malam Sabi'u: Bayanin suyar ya yi daidai, Anti, kuma lissafin kwalba da kika kawo shi ne ma'auni mafi sauƙi. Ɗanyen tattasai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Wanda ya samu kwalba 10 daga wannan kaya, ruwa ya ɗura. Inda nake da ja shi ne wata biyun nan ba firij. A gida ba mu da abin auna ko bushewar ta kai. Gutsuren albasa ko tafarnuwa mai kauri yana iya soyuwa a waje cikinsa da danshi, kuma gutsure ɗaya ya isa. Shi ya sa wanda aka yi da busassun kaya tun asali, busasshen barkono da busasshen tattasai da garin citta da garin tafarnuwa, ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Anti Rabi Gwammaja: Malam, iyayenmu ba su da firij kuma sun yi.

Malam Sabi'u: Sun yi, amma a kwano mai murfi da ake buɗewa kullum, ana ɗumama shi, yana ƙarewa a kwanaki. Rufe shi gam a kwalba a kai wa wani ya ajiye wata biyu, wannan sabon abu ne. Ni dai abin da zan iya tsayawa a kai: wanda aka yi da ɗanyen kaya, ko an soya shi sosai, firij, a cinye cikin sati biyu. In ana son ya daɗe, firiza.

Anti Rabi Gwammaja: To kowa da abin da ya gani. Ni ban sauka daga maganata ba in suya ta yi suya.

Abban Khalifa: Tambaya daga gefe. In aka bi hanyar khal, zuba shi kawai za a yi a rufe, ko akwai wani abu? Na ga wasu suna dafa kwalbar bayan sun cika ta.

Hajiya Lami mai abinci: Akwai, kuma nan ma Maman Hanif ta yi kuskure, ta bari ya huce kafin ta zuba. Duk lokacin da yake hucewa a buɗe, ƙura da ƙwayoyin yis suna sauka. Ina kyautata zaton su ne suka kumbura mata murfi, domin su ke cin zaƙin tattasai da albasa su fitar da iska.

A wanke kwalabe da sabulu, a duba bakinsu da yatsa ko akwai ɓantara, a tafasa su minti 10, a bar su cikin ruwan zafin har lokacin zubawa. Miya da zafinta, kwalba da zafinta, in ba haka ba ta tsage. A bar sarari kamar santimita 1 da rabi a sama. A zura tsaftataccen cokali ta gefe a fitar da iskar da ta maƙale. Sai a goge bakin kwalbar da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da khal, don ko ɗigon mai ya zauna a bakin, murfi ba zai kama ba. A rufe daidai ƙarfin hannu. A shimfiɗa tawul a gindin babbar tukunya, a jera su a tsaye, ruwan zafi ya haye kansu da santimita 3 zuwa 5. Daga lokacin da ya fara tafasa sosai ake ƙirga minti 20 ga ƙananan kwalabe masu mililita 250. A fito da su a ajiye a kan tawul, kada a taɓa su sai washegari.

Ƙananan kwalabe sun fi. Zafi yana kaiwa tsakiyarsu da wuri, kuma in an buɗe ana gamawa da wuri.

Malam Sabi'u: Ƙari ɗaya: dafa kwalbar nan yis da funfuna take kashewa, ta kuma kama murfi. Ba ta taɓa botulinum. Wanda ya dafa kwalbar markaɗe marar tsami, ya kashe ƙwayoyin da za su yi masa wari su gargaɗe shi, ya kori iska, ya bar mai gubar ita kaɗai a fili. A 1977 a garin Pontiac na jihar Michigan, mutum 59 suka kamu daga miyar yaji ta wani gidan abinci, wadda aka yi da barkonon da aka adana a kwalba ba bisa ƙa'ida ba. A 1985 kuma a Vancouver ta Kanada, yankakkiyar tafarnuwa ce a cikin mai ta kwantar da mutum sama da 30.

Zee Kabuga: Innalillahi. To murfin kwalbar bama da muke sake amfani da shi fa?

Hajiya Lami mai abinci: In na roba ne, ba ya shiga wannan aiki sam, na firij ne kawai. Na ƙarfe mai ɗan danƙo a ciki shi ake so, kuma sabo ya fi, don danƙon yana lotsewa a amfani na farko. Washegari ki danna tsakiyar murfin. In ya lotsa ciki ba ya motsi, ya kama. In yana ƙwas-ƙwas yana dawowa, wannan kwalbar ta tafi firij a fara ci da ita. Wasu suna maimaita tsohon murfi in ba tsatsa kuma yana kama musu, amma na sayarwa ban yarda ba.

Ummu Sudais: To yanzu ta yaya mutum zai gane ta lalace tun kafin ya ci?

Hajiya Lami mai abinci: Tun kafin ki buɗe za ki fara dubawa. Murfin da ya kumbura, ko wanda da ya lotsa yanzu ya saki. Mai ko ruwa da ya tsattsafo ya bushe a wuyan kwalba. Ki ɗaga ta a haske ba tare da kin girgiza ba, in kin ga ƙananan kumfa suna hawa da kansu, ko ramuka-ramuka na iska a jikin markaɗen, ko ya taso ya tura man sama, tana aiki a ciki. Wajen buɗewa, lafiyayyar kwalba iska take ja ciki, ƙara ɗaya ɗas. Wadda ta ɓaci turowa take yi, wani lokaci har da feshi, don haka a kau da fuska. Bayan an buɗe: funfuna fara ko koriya ko baƙa, har a ƙarƙashin murfi a duba, yauƙi in an ɗaga cokali, warin giya ko na ruɓa, ko tsamin da ba irin na khal ba.

Akwai kuma lalacewar mai, ita daban ce. Ba kumfa ba kumburi, sai wari irin na tsohuwar gyaɗa da ɗaci mai maƙaƙi a maƙogwaro. Rana da zafi ke kawo ta, da man da aka riga aka yi suya da shi. Kada a jera kwalabe a taga ko kusa da murhu.

Abin da ba lalacewa ba ne kuma mutane suna zubarwa a banza: man gyaɗa ya yi gajimare ko ya daskare a firij, wannan sanyi ne, yana narkewa. Tafarnuwa ta koma shuɗiya ko koriya a cikin khal, ba komai, haka take yi da tsami. Na khal ya ɗan rabu, ruwa a ƙasa, girgizawa kawai yake so in babu kumfa.

Zee Kabuga: Funfuna kam ai kwashe saman ake yi a ƙara mai.

Malam Sabi'u: A miya mai laushi ba a yin haka. Abin da kike gani a sama kansa ne kawai, zarensa ya riga ya nutsa. Kuma funfuna tana cin tsami. Kwalbar da ta fara a 4.0, wurin da funfuna ta zauna yana iya haurawa sama da 4.6, sai ƙofa ta buɗe wa botulinum. Kwalbar duka ake zubarwa.

Abin da ya fi muhimmanci a jerin Hajiya Lami shi ne abin da ba ya cikinsa. Gubar botulinum tana iya kasancewa a kwalbar da ba ta kumbura ba, ba wari, launi lafiya. Alamun nan in sun bayyana sun ce a zubar. Rashinsu bai ce a ci ba. Kuma ba a ɗanɗanawa don a gwada, ko a bakin cokali.

Maman Hanif: Jikina ya yi sanyi. Wato bakwai ɗin ma zubarwa zan yi? Kuɗin mai kaɗai ba kaɗan ba ne.

Anti Rabi Gwammaja: Sayarwa dai babu. Amma ai na ji an ce tafasa tana kashe gubar. Ta juye su a tukunya ta tafasa sosai ta yi miyar gida da su.

Malam Sabi'u: Gaskiya ne gubar, saɓanin ƙwayar, ba ta jure zafi. Tafasa ta minti 10 cur tana lalata ta. Amma ni ba zan ba da wannan shawara a nan ba. Tukunya ɗaya suka fito da ukun da suka kumbura, sun yi kwana 9 a zafi ɗaya. Miya ce mai kauri da mai, ba ko'ina ke tafasa daidai ba. Wajen juyewa ana taɓa hannu da cokali da kanta. Sannan akwai wasu ƙwayoyin da gubarsu ba ta jin tafasa. Asarar lita guda ta mai ba ta kai kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Wajen zubarwa kuma a kula. Kada a ba kaji ko a watsa a kwata inda dabba za ta lasa, gubar tana kashe kaji da agwagi. A sa safar hannu, a jera kwalaben da abin cikinsu a tsohuwar tukunya, ruwa ya rufe su, a tafasa minti 30, sannan a ƙulle a leda a jefar ko a binne. Wurin da kwalbar da aka buɗe ta yi feshi a jiƙa shi da bilic kashi 1 a ruwa kashi 5, a bar shi minti 30 kafin a goge.

Abban Khalifa: In wani ya riga ya ci fa, me za a duba?

Nas Hadiza: Yawanci tsakanin awa 12 zuwa 36 alamu ke fitowa, amma yana iya ɗaukar kwanaki. Ba lallai a yi gudawa ba, kuma ba zazzaɓi, shi ya sa ake ruɗewa a ce iska ce ko shanyewar jiki. Daga kai yake farawa: gani biyu-biyu ko dishi-dishi, fatar ido tana faɗowa, baki ya bushe, magana ta karye, haɗiya ta gagara. Sai kasala ta sauko kafaɗa da hannu har ta kai ga numfashi, mutum kuma yana cikin hayyacinsa. Da an ga farkon wannan, babban asibiti kai tsaye, irin Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ba kemis ba. A faɗa wa likita abin da aka ci da lokacin, a tafi da kwalbar a ƙulle a leda, a kuma nemo duk wanda ya ci tare da shi. Maman Hanif, wani ya ɗanɗana wadda kika buɗe?

Maman Hanif: A'a Alhamdulillah, warin ne ya hana. To in zan sake, mitar nan ta pH dole ce? Kuma akwai hodar da ake cewa ana sawa a zoɓo don kada ya lalace, ba za ta wadatar ba?

Malam Sabi'u: Ga mai sayarwa dole ce, kuma masu kayan awon asibiti da na makarantu suna da ita. Takardar awo ma akwai, amma jan tattasai yana rina ta ya ɓata karatun. A sayi mita tare da ruwan saita ta mai lamba 4 da mai lamba 7, a saita kafin kowane aiki. A ɗebi samfur kafin a sa mai, a bari ya huce a auna. Washegari a buɗe kwalba ɗaya, a tsiyaye man, a dama a sake aunawa, don lambar tana ɗan hawa bayan tsamin ya ratsa. Ta washegarin ita ce ta gaskiya.

Hodar da kike nufi benzowet ce. Yis da funfuna take hanawa, kuma sai a cikin abu mai tsami take aiki. A markaɗe marar khal ba ta da amfani. Iyakarta gram 1 a kilo, ba a kintata ta da cokali. In kuma sana'ar za ta kai shaguna, sai an bi ta rajistar NAFDAC.

Zee Kabuga: Saura tambaya ɗaya. Masu saye da yawa suna son a sa busasshen kifi ko daddawa. Yana shiga na khal ɗin?

Hajiya Lami mai abinci: Ba ya shiga. Kifi da nama da daddawa suna shanye tsami, lissafin 400 ɗin ya rushe, daddawa ma da kanta kishiyar tsami ce. Mai son wannan a yi masa soyayye irin na Anti Rabi a ƙaramar kwalba, a rubuta ranar da aka yi a jiki, a gaya masa firij, da busasshen cokali kowane ɗiba. Na khal da aka dafa kwalbarsa ya kama, a wuri mai duhu da sanyi-sanyi, ni wata 6 nake ba shi saboda man da ke ciki, in an buɗe kuma firij, wata ɗaya.

Abban Khalifa: Firij ɗin da wuta ke zuwa awa huɗu a rana fa, Hajiya? Shi ma firij ne a wannan lissafin?

Malam Sabi'u: Ba shi ba ne. Ana nufin wanda ke riƙe digiri 4 ko ƙasa dare da rana. Na khal zai jure ɗaukewar wuta, don tsaminsa na tare da shi, funfuna kawai za a riƙa dubawa. Marar khal kuwa, in sanyin yana zuwa yana tafiya, a yi kaɗan wanda za a cinye cikin kwana 2 ko 3, ana tafasa shi kafin a ci.